Yadda ake raba uwar kuɗi da ruwa a kasafin ƙungiyar da ta ci bashi

A taron kwamitin wata makaranta mai zaman kanta da ke Aboabo a Kumasi, inda nake taimaka musu da lissafi, Alhaji shugaban kwamiti ya ɗauki biro ya yi lissafinsa a bayan ambulan. Makarantar ta ci bashin sidi 120,000 a banki don sayen motar ɗaukar yara, an shekara ana biya, kuɗin da ya fita ya kai sidi 80,514. Ya ɗebe wannan daga wancan, ya ce saura 39,486, a daure a tara a biya a huta. Sai ma'aji ya miƙa masa takardar banki, wadda ta nuna ana bin makarantar sidi 68,825. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ko dai bankin nan ya cuce mu, ko littafinku ya ɓace hanya."

Ba a cuce su ba, littafin ma bai ɓata ba. Abin da ya faru shi ne kowane biyan wata kuɗi biyu ne a cikin ambulan ɗaya. Kaso ɗaya yana rage ainihin bashin, shi ne uwar kuɗi. Ɗaya kason kuma ladan banki ne na barin kuɗinsa a hannunka, shi ne ruwa. Ruwa ya tafi ke nan, kamar kuɗin wuta ko hayar gida. Uwar kuɗi kuwa mayar da kayan aro ce, ba ta ƙara maka talauci, domin duk sidin da ya fita daga asusu ya rage sidi guda daga abin da ake bin ka. Kasafin da bai raba waɗannan biyu ba zai ruɗi kwamiti, ko ya nuna musu asarar da babu ita, ko ya nuna musu kuɗin da ba nasu ba. Ga yadda nake yin aikin, da bashin wannan makaranta a matsayin misali.

Mataki na farko: karanta yarjejeniyar kafin ka taɓa kasafi

Abubuwa biyar nake nema a takardar bashi, ina rubuta su a gefe: nawa aka ba da, tsawon wata nawa, kashi nawa ne ruwan, a kan me ake lissafa ruwan, da kuma kuɗaɗen da ake cirewa tun a farko. Dokar masu ba da bashi da masu karɓa ta Ghana, mai lamba 1052 ta shekarar 2020, ta ɗora wa mai ba da bashi bayyana sharuɗɗansa kafin a sa hannu, saboda haka neman waɗannan bayanai a rubuce haƙƙinka ne, ba roƙo kake ba.

Na huɗun shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa rami, don haka zan daɗe a kansa. Akwai hanya biyu ta lissafa ruwa. A ta farko, ana lissafa shi a kan abin da ya rage na bashin, yana raguwa wata bayan wata. A ta biyu, ana lissafa shi a kan cikakken kuɗin da aka ba ka tun ranar farko, har ranar ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan ko pesuwa ba. Wannan ta biyun an fi samunta a wajen ƙananan kamfanonin ba da rance, kuma a baki duk suna faɗin magana iri ɗaya: "kashi biyu da rabi ne kawai a wata."

Bashin makarantar irin na farko ne: sidi 120,000, wata 24, ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara, wato kashi 2.5 a wata a kan abin da ya rage. Biyan wata ya kama sidi 6,710, kuma ruwan shekara biyun gaba ɗaya ya kama sidi 41,029. Da a ce irin na biyu ne, da wannan kashi 2.5 ɗin, ruwa zai tsaya a sidi 3,000 kowane wata har wata 24, jimilla 72,000, biyan wata kuma ya zama 8,000. Bambancin ya kusa sidi 31,000, alhali lambar da aka faɗa maka a baki ɗaya ce. Idan ka mayar da wannan na biyun kan ma'aunin na farko, ruwansa ya haura kashi 4 a wata, kusan kashi 50 a shekara. Gane su ba wuya: duba layin ruwa a jadawalin biya. In lambar tana sauka kowane wata, irin na farko ne. In ta tsaya cak daga sama har ƙasa, irin na biyu ne.

Sai kuɗaɗen farko. Bankin ya cire kashi 2 cikin ɗari na aikin takardu, sidi 2,400, don haka abin da ya shiga asusun makarantar 117,600 ne. Amma bashin da ake bin ta 120,000 ne cif, kuma shi za a rubuta a littafi. Wancan 2,400 kashewa ce, tana tafiya wajen kuɗin da bashi ya ci. Manyan kamfanoni suna rarraba irinsa a tsawon wa'adin bashin. Ƙaramar ƙungiya tana iya rubuta shi gaba ɗaya a shekarar da aka cire shi, in dai mai binciken lissafinta ya yarda. Kuskuren da za a guje wa shi ne rubuta bashin a 117,600, domin daga ranar littafinka da na banki sun raba hanya.

Mataki na biyu: fitar da jadawalin biya da hannunka

Banki zai ba ka nasa jadawalin, karɓa ka adana. Duk da haka ka fitar da naka, ko da layi uku ne na farko, saboda wanda ya taɓa yin lissafin da kansa ba ya sake mantawa da inda kuɗin yake tafiya.

Kowane wata aiki uku ne. Ka ninka ragowar bashi da kashin ruwa na wata, ka sami ruwan watan. Ka ɗebe ruwan daga biyan wata, abin da ya rage shi ne uwar kuɗi. Ka ɗebe uwar kuɗin daga ragowar bashi, ka sami sabuwar ragowa. A watan farko, kashi 2.5 na 120,000 shi ne 3,000. An biya 6,710, saboda haka 3,710 ne kawai ya taɓa bashin, ragowa ta koma 116,290. A wata na biyu ruwan ya sauka zuwa 2,907 tun da bashin ya ɗan ragu, uwar kuɗi ta hau zuwa 3,802. A na uku ruwa 2,812, uwar kuɗi 3,897. Haka abin yake tafiya, ruwa yana ramewa, uwar kuɗi tana ƙiba, biyan wata bai motsa ba. Zuwa watan ƙarshe, ruwan da ke cikin 6,710 bai wuce sidi 164 ba.

Mai kwamfuta ba sai ya wahala ba. A Excel ko Google Sheets, waɗannan uku suna ba da biyan wata, ruwan watan farko, da uwar kuɗin watan farko, a jere:

```
=PMT(0.025,24,-120000)
=IPMT(0.025,1,24,-120000)
=PPMT(0.025,1,24,-120000)
```

A na biyu da na uku, lambar 1 ita ce watan da kake tambaya. Canza ta zuwa 2 ko 12 ka ga na wannan watan. Kuskuren da na fi gani shi ne a sa 0.30 a gurbin 0.025, wato ruwan shekara a gurbin na wata, sai biyan ya fito sama da sidi dubu 36. In ka ga lamba irin wannan, ka san inda za ka duba.

Idan naka jadawalin ya saɓa da na banki da sidi kaɗan, kada hankalinka ya tashi. Bankuna da yawa suna lissafa ruwa da kwanaki, don haka watan kwana 31 ya ɗan fi na kwana 30. Amma in bambancin ya kai ɗaruruwa kowane wata, to akwai wani abu a cikin biyan da ba a faɗa maka ba, inshora ko kuɗin kula da asusu, ko kuma ruwan irin na biyu ne. Koma ka tambaya.

Mataki na uku: tara layukan bisa shekarar kasafinku

Kasafi na shekara ake yi, don haka a tara watannin da suka faɗa cikin kowace shekara. Makarantar ta karɓi bashin a farkon Janairu, shekarar lissafinta kuma Janairu zuwa Disamba ce, sai abin ya zo da sauƙi. A shekarar farko an biya 80,514: ruwa 29,339, uwar kuɗi 51,175. A ta biyu an sake biyan 80,514: ruwa 11,690, uwar kuɗi 68,825. Nan ne amsar Alhaji take. Daga cikin dubu tamanin ɗin da ya ƙirga, dubu ashirin da tara da ɗoriya ruwa ne, ba su taɓa bashin ba.

Ba kullum ake samun wannan dacewar ba. Da a farkon Satumba aka karɓi bashin, lokacin komawa makaranta, layi huɗu ne kawai za su shiga shekarar farko, ruwansu 11,434, sannan layi goma sha biyu su shiga ta biyu, takwas su shiga ta uku. Kada ka raba jimillar ruwa kashi biyu daidai ka ce rabi bana rabi baɗi. Ruwa ya fi nauyi a farko, kuma a kasafin farko ne ya kamata nauyin ya bayyana.

Mataki na huɗu: kasafi biyu, kowanne da tambayarsa

Wannan shi ne zuciyar aikin. Ƙungiya tana buƙatar takarda biyu, kuma yawancin rikicin da nake gani a kwamitoci ya samo asali ne daga ƙoƙarin sa takarda ɗaya ta amsa tambaya biyu.

Takarda ta farko ita ce kasafin samu da kashewa. Tambayarta: shin aikin da muke yi yana ɗaukar nauyin kansa? A nan ake sa kuɗin makaranta da iyaye ke biya, albashin malamai da kason fansho na SSNIT, wuta, ruwan famfo, man mota, gyara. Daga bashi, ruwa ne kawai ke shiga nan, tare da kuɗin takardu da tara in an ci. Uwar kuɗi ba ta shiga. Sidi 120,000 da banki ya bayar ma ba ya shiga a matsayin samu, domin ba samu ba ne, aro ne.

Takarda ta biyu ita ce kasafin tsabar kuɗi. Tambayarta: a ranar da za a biya, akwai kuɗi a asusu? Ita ba ruwanta da sunan kuɗi, duk abin da ya shiga ko ya fita tana ƙirga shi. A nan kuɗin bashi yake bayyana ranar da ya shigo, kuɗin mota ranar da ya fita, biyan wata kuma cikakke, 6,710, amma a layi biyu: ruwa daban, uwar kuɗi daban.

Tambaya mai kyau da ma'aji ya yi mini ita ce, "To Malam, in uwar kuɗi ba kashewa ba ce, ina kuɗin motar ya shiga? Ai ba kyauta aka ba mu ba." Gaskiya ne. Motar ta ci sidi 150,000, makaranta ta sa 30,000 daga ajiyarta, banki ya cika sauran. Motar kadara ce da za ta yi aiki shekaru, saboda haka ba a ɗora kuɗinta duka a kan shekara guda. Kwamiti ya ƙiyasta za ta yi shekara biyar tana aiki, sai aka raba kuɗinta biyar, kowace shekara a rubuta 30,000 a matsayin tsufan mota, wato raguwar darajarta. Ta wannan ƙofa kuɗin motar ke shiga kasafin samu da kashewa. Bashin hanya ce kawai da aka bi aka same ta. Wanda ya rubuta tsufan mota kuma ya rubuta uwar kuɗi a matsayin kashewa, ya sa makaranta ta sayi mota ɗaya sau biyu a takarda.

Yanzu mu sa lambobin shekarar farko. Makarantar tana sa ran samun sidi 600,000, kashe-kashen yau da kullum kuma 510,000, har da kuɗin takardun bashin da inshorar motar. Abin da ya rage kafin a taɓa maganar biyan bashi shi ne 90,000.

A takarda ta farko, a ɗebe ruwa 29,339 da tsufan mota 30,000. Rara ta zama 30,661.

A takarda ta biyu, a ɗebe cikakken biya 80,514. Tsufan mota ba ya shiga, domin ba wanda ake miƙa wa shi. Tsabar kuɗin da ya rage 9,486.

Dukansu gaskiya ne. Makarantar ta ci ribar dubu talatin, kuma dubu tara ne kawai a hannunta, saboda sauran ribar ta tafi rage bashi. Kafin a gyara musu, littafinsu yana rubuta 80,514 gaba ɗaya a matsayin kashewa, kuma sabon akawu ya zo ya ƙara tsufan mota a kai, sai takarda ta nuna giɓin sidi 20,514. A kan wannan giɓi na ƙarya aka fara maganar ƙara wa iyaye kuɗin makaranta da sallamar malama ɗaya. Wannan ne ya sa ba na ɗaukar maganar a matsayin ƙa'idar akawu kawai: iyayen Aboabo da Asawase da ke sayar da koko da waake don biyan kuɗin 'ya'yansu su ne za su ɗauki nauyin kuskuren.

Kuskuren ɗaya gefen ya fi haɗari. Wani ya ji an ce uwar kuɗi ba kashewa ba ce, sai ya cire ta daga kasafi ɗungurungum, tun da takarda ɗaya kawai yake da ita. Ya ga 90,000, ya ɗebe ruwa, ya ce akwai 60,661 na gyaran rufi da sayen benci. Daga cikinsu 51,175 na banki ne. Irin wannan ƙungiya ce ake samu da rahoto mai kyau a taron shekara, amma ranar biyan albashi asusu babu komai.

A lura da shekara ta biyu sosai. In samu da kashewa ba su canza ba, rara za ta hau zuwa 48,310 saboda ruwa ya sauka, amma tsabar kuɗin da ya rage yana nan a 9,486, domin biyan wata bai ragu ba. Kwamiti zai ga rara ta ƙaru ya so ƙarin albashi ko sabon aji. Ma'aji ya nuna musu takarda ta biyu: numfashi sai shekara ta uku, lokacin da dubu tamanin ɗin za su daina fita.

Mataki na biyar: daidaita ranar biya da ranar da kuɗi ke shigowa

Jimillar shekara tana ɓoye matsalar wata. Banki yana cire nasa sau goma sha biyu, makaranta kuwa kuɗinta yana shigowa ne a zango uku, mafi yawansa a makonnin farko na kowane zango. A watan hutu ba abin da ke shigowa, kuma banki bai san hutu ba.

Abin da muka yi shi ne buɗe asusu na daban don bashin. A farkon kowane zango, kafin a taɓa komai, a zuba biyan wata huɗu, sidi 26,838, banki ya riƙa cirewa daga can. Kamar susu ne, sai dai wannan makaranta ce ke yi wa kanta. Kuɗin da iyaye ke turowa ta momo zuwa wayar ofis ma a kwashe su zuwa banki duk mako, domin kuɗin da ya zauna a waya yakan zame a ƙananan buƙatu ba a ankara ba. Ƙungiyar da samunta ke bin kaka ko lokacin Sallah ita ma ta yi hakan bisa nata lokacin. In har ba a sa hannu ba tukuna, a nemi banki ya daidaita ranakun biya da lokacin samu. Wasu suna yarda da biyan wata uku-uku, kodayake ruwan yakan ɗan ƙaru tun da bashin ya fi jimawa bai ragu ba.

Mataki na shida: gwada kasafin da ranar wahala

Raba abin da ya rage kafin biyan bashi da biyan shekara: 90,000 a kan 80,514 ya ba da 1.12. Ma'anarsa, a kan kowane sidi da banki zai karɓa, makaranta tana da sidi ɗaya da pesuwa goma sha biyu. A ganina wannan ya matse. Na fi natsuwa in ya kai 1.25 ko sama. Da 1.12, in iyaye suka kasa biyan kashi 2 cikin ɗari kacal na kuɗin makaranta, wato 12,000, rarar tsabar kuɗin ta ƙare har an shiga giɓi. Duk wanda ya taɓa karɓar kuɗin makaranta a zango ya san kashi biyu ba komai ba ne.

Sai a duba ko ruwan tsayayye ne ko mai motsi. Tun Afrilun 2018 bankunan Ghana ke gina farashin bashinsu a kan ma'aunin da ake kira GRR, wanda ake fitarwa duk wata, su ɗora nasu kaso a kai gwargwadon haɗarin mai karɓa. In yarjejeniyarka ta ɗaure ruwan da shi, zai iya hawa ko sauka a tsakiyar wa'adi. Mun ga yadda abin yake a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a watan Disamba, har Babban Bankin Ghana ya kai nasa ma'aunin ruwa kashi 30 a Yulin 2023. Don gwaji, sa 0.03 a gurbin 0.025, wato kashi 36 a shekara. Biyan wata ya koma kusan 7,086, ƙarin kusan sidi 4,500 a shekara, wanda ya cinye kusan rabin 9,486 ɗin. Ƙarin nan duka ruwa ne, don haka yana taɓa takardun biyu a lokaci guda.

Bashin da babu ruwa a cikinsa

Da yawa daga cikin ƙungiyoyinmu ba sa cin bashin ruwa saboda hukuncin riba, kuma wannan magana ce da kwamiti zai zauna da malamansa kafin a je ko'ina. A taron makarantar ma sai da aka yi ta, wasu membobi ba su yarda da bashin ba har yau, kuma ina girmama matsayinsu. Abin da nake so a gane shi ne rabon nan yana aiki ko babu ruwa.

In wani attajiri ya ranta wa ƙungiya sidi 60,000 don Allah, a mayar masa 5,000 duk wata, to babu ko pesuwa da zai shiga kasafin samu da kashewa. Dukan biyan uwar kuɗi ce. Amma dole ya zauna a kasafin tsabar kuɗi da kuma jerin basussuka. Irin wannan rance ne aka fi mantawa da shi, saboda ba takarda, ba mai tunatarwa, mai shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Na ga an rubuta irinsa a matsayin gudummawa, bayan shekaru mai kuɗin ya rasu, magada suka zo nema, littafi kuma ya ce kyauta ce. A rubuta, a sa shaidu, a kira shi da sunansa.

In kuma murabaha aka yi, dillali ya sayi mota 120,000 ya sayar wa ƙungiya 150,000 a biya cikin wata 24, to kowane biya na 6,250 shi ma kashi biyu ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki 5,000 a matsayin kuɗin mota, 1,250 kuma ribar dillali, wadda ita ce ke shiga kashewa. Mai binciken lissafi na iya neman a karkata ribar ta fi nauyi a watannin farko. A bi abin da ya ce.

Mataki na ƙarshe: duba kanka duk wata

Ranar da banki ya cire kuɗi, ma'aji ya rubuta layi biyu daga jadawali, ba ɗaya ba. Sannan ya yi gwaji guda: ragowar bashi ta watan jiya, a ɗebe uwar kuɗin wannan wata, dole ta yi daidai da ragowar da ke takardar banki. A nemi takardar asusun bashin kansa, ba ta asusun ajiya kaɗai ba, domin ta ajiya 6,710 kawai za ta nuna a dunƙule.

In ba su dace ba, dalilin yakan kasance ɗaya daga uku. Ko an makara biya an ci tara, ko ruwa ya motsa ba a sabunta jadawali ba, ko an biya wani ɓangare kawai. Na ukun yana da tarko: a yawancin yarjejeniyoyi, kuɗin da ka kawo yana fara biyan tara, sannan ruwa, sai abin da ya rage ya taɓa uwar kuɗi. A ce a watan farko makaranta ta kai 4,000 kawai, to 3,000 ruwa ne, 1,000 ne ya rage bashin, ruwan wata mai zuwa kuma zai fi na jadawali. Duk lokacin da irin wannan ta faru, a karɓi sabon jadawali a gyara kasafin sauran watanni.

A ƙarshen shekara, ragowar 68,825 ta bayyana a takardar kadarori da basussuka, kuma tun da duk za a biya ta cikin wata goma sha biyu masu zuwa, a sa ta cikin basussukan kusa. Ƙungiyar da ke biyan haraji ta ba wa mai shirya mata takardun hukumar haraji ta GRA jimillar ruwa daban: a ƙarƙashin dokar harajin samu mai lamba 896 ta 2015, ruwan bashin da aka yi amfani da shi wajen sana'ar ana ɗebe shi daga riba kafin haraji, uwar kuɗi kuwa ba a ɗebe ta, motar kuma tana da nata rangwamen na kadara da ake lissafawa bisa ƙa'idar hukumar, ba bisa shekara biyar ɗin kwamiti ba.

Game da shawarar Alhaji ta a biya saura a huta, an koma banki an tambayi abu biyu: ko akwai tarar biya kafin wa'adi, da kuma adadin rufe bashin a rubuce zuwa wata rana takamaimai. Rufe 68,825 a ƙarshen wata na goma sha biyu zai ceto ruwan shekara ta biyu, 11,690, in an ɗebe tarar idan akwai. Makarantar ba ta da wannan kuɗi a hannu, sai kwamiti ya tsayar cewa duk gudummawar da aka samu a bikin saukar karatu za a kai ta banki da wasiƙa mai cewa a rage uwar kuɗi da ita, kada a ajiye ta a matsayin biyan watanni masu zuwa, kuma ma'aji ya dawo da sabon jadawali a taro na gaba.